KAFIN KA SA HANNU A TAKARDAR MASU BINCIKE

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Maitama, Abuja)

 

An ɗora mana nauyin yin bayani a kan wata takarda da yawancinmu za mu iya cin karo da ita a asibiti. Ka kai kanka ko ɗanka wajen likita, ana cikin jira sai wani mai farar riga ya zo da fara'a ya ce, "Baba, muna wani bincike ne, ko za ka sa mana hannu a nan?" Wannan ita ce takardar amincewa da shiga bincike. A nan Abuja akwai manyan asibitoci da cibiyoyin bincike, saboda haka ba abin mamaki ba ne ta zo hannun ma'aikacin ofis, ko direba, ko mai gadi, ko uwargida da ta je awon ciki.

Ba mun zo mu ce ku guje ta ba ne, ba kuma mun zo mu ce ku rungume ta ba. Duk maganin da muke sha yau, sai da aka gwada shi a jikin wasu mutane kafin ya iso gare mu. Maganarmu guda ɗaya ce: bincike daban, jiyya daban. Likitan da yake yi maka jiyya, lafiyarka kaɗai yake nema. Mai bincike kuwa yana neman amsar wata tambaya da shi kansa bai san ta ba tukuna. Aikin takardar nan shi ne ta nuna maka wannan bambanci ƙarara, sannan ka zaɓa da kanka.

Abin da ya faru a Kano

Da yawanmu daga Kano muka fito, ko muna da dangi a can, don haka za mu ɗauki misali daga gida. A shekarar 1996 an yi annobar sanƙarau mai tsanani a Arewa. Sama da mutum 100,000 suka kamu a ƙasar nan, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Ana cikin haka sai ma'aikatan kamfanin magani na Pfizer suka iso Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano da wani sabon magani mai suna Trovan. Suka ɗauki yara kimanin 200, suka raba su gida biyu. Kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani, seftiriyazon, don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 daga cikin masu Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki.

A ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta Amurka ta fito da labarin, aka shiga shari'a a Nijeriya da Amurka. Iyayen yaran suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, su dai sun ɗauka magani ake ba 'ya'yansu. Kamfanin ya ce ma'aikatan jiyya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun kuma amince da baki, ya ce cutar ce ta kashe yaran, ba maganin ba, domin sanƙarau da kansa yana kisa yana kuma nakasawa. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, dala 175,000 kowanne, bayan an yi gwajin ƙwayoyin halitta na tabbatar da dangantaka.

Ku lura da abu ɗaya, jama'a. Shekara 15 tsakanin gwaji da diyyar farko, kuma babban abin da aka yi ta ja-in-ja a kansa shi ne: an gaya musu ko ba a gaya musu ba? Wannan ya ce an faɗa, wancan ya ce ba a faɗa ba, babu takarda mai sa hannun iyaye da za ta raba gardama. Magana ta baki iska ce.

Bayan wannan abubuwa sun sauya. An kafa Kwamitin Ƙasa na Kula da Ƙa'idojin Binciken Lafiya, wanda ake taƙaita sunansa da NHREC, a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a nan Abuja, kuma ya fitar da kundin ƙa'idoji. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ba a yin bincike a kan mutum sai da amincewarsa a rubuce, bayan an bayyana masa manufar binciken da abin da zai iya jawo wa lafiyarsa, mai kyau da maras kyau. To, doka tana nan. Amma doka ba za ta karanta maka takardar ba. Ga tambayoyi biyar da muke so kowa ya riƙe.

Tambaya ta farko: me ake gwadawa, kuma mutum nawa aka ba kafin ni?

Dole takardar ta faɗa a fili cewa bincike ne, ta faɗi sunan mai binciken, da wanda ya ba da kuɗin yin sa. In ba ka ga wannan a shafin farko ba, ka tambaya.

Bincike iri-iri ne. Wani tambayoyi kawai za a yi maka a rubuta. Wani za a ɗebi jini. Wani kuma magani za a ba ka, wanda shi ya fi buƙatar natsuwa. Sabon magani yakan bi matakai. A matakin farko mutane 'yan kaɗan ake ba, gomomi kawai, don a ga ko jiki zai ɗauka. A na biyu a ƙara yawansu don a ga ko yana aiki da kuma yawan da ya kamata a sha. A na uku a ba ɗaruruwa ko dubbai, a kwatanta shi da maganin da aka saba. Saboda haka in ka ce, "Likita, wane mataki ne wannan?" ka yi tambayar masana. Ka ƙara da cewa, "An taɓa ba irina?" Maganin da aka gwada a kan manya, ba lalle ne a san yadda zai yi a jikin yaro ko mai juna biyu ba. Wannan yana cikin ƙorafin iyayen Kano.

Wajen illa kuma, kada ka yarda da "ba ya yin komai". Ka ce, "Cikin mutum 100 da suka sha, nawa suka sami matsala, kuma wace iri?" Ciwon kai a mutum 10 cikin 100 abu ne da za a iya jurewa. Lalacewar hanta a mutum ɗaya cikin dubbai ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, ko da yake bai kai shi yawa ba. Kuma akwai illar da ba ta bayyana sai jama'a da yawa sun sha. Shi Trovan ɗin, bayan ya shiga kasuwa a Amurka don manya, a 1999 aka taƙaita amfani da shi ƙwarai saboda an ga yana lalata hantar wasu. Don haka takarda ta gaskiya takan rubuta cewa akwai yiwuwar illar da ba a sani ba tukuna. In ka ga wannan layi, alamar riƙon amana ce. In ba ka gan shi ba, a nan ne za ka ɗaga gira.

Tambaya ta biyu: in na ce a'a, me zan samu?

A ganinmu wannan ce uwar tambayoyin. A wancan asibiti na Kano, a lokaci guda, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ba da maganin sanƙarau da aka saba da shi, kuloramfenikol, kyauta. Iyayen da suka kai ƙara sun ce ba a gaya musu suna da wannan zaɓi ba. Uba ya rungumo ɗansa wuya ya sanƙare, ya ga layi ya bi. In bai san akwai layi na biyu ba, ina zaɓi yake?

Saboda haka a nemi wurin da takardar ta yi maganar sauran hanyoyin jiyya. Ka tambaya, "In ban shiga ba, wane magani za a ba ni, a ina, kuma nawa ne?" Ƙa'ida ita ce ƙin shiga bincike ba ya rage maka komai daga kulawar da ka cancanta a asibitin. Wanda ya ce maka "in ba ka sa hannu ba, ba za ka ga likita ba", ya karya ƙa'ida, kuma ya isa dalilin da za ka tashi.

Tambaya ta uku: wa zai zaɓa mini magani?

Mutane da yawa sukan ɗauka likita ne zai duba su ya zaɓi wanda ya fi dacewa da su. A yawancin gwajin magani ba haka ba ne. Ƙuri'a ake yi, yawanci na'ura ce take rabawa, don kada son rai ya shiga. In gida biyu ne daidai wa daida, to ko ka faɗa nan ko ka faɗa can. Sau da yawa ma kai ba ka san wanda aka ba ka ba, likitan ma bai sani ba, sai an gama. Ba yaudara ba ce, hanyar gano gaskiya ce, amma wajibi ne a gaya maka.

Sannan ka tambayi abin da ake ba ɗaya gidan. Wani lokaci maganin da aka saba ne. Wani lokaci kuma ƙwaya ce mai kama da magani amma babu magani a cikinta, wadda likitoci ke kira filasibo. In cutarka mai haɗari ce kuma akwai maganinta da aka tabbatar, bai kamata a bar ka da ƙwayar wofi kaɗai ba. In kuma maganin da aka saba ne, ka tambaya ko cikakken awo za a ba ka, domin a shari'ar Kano an yi zargin cewa an rage awon seftiriyazon da aka ba yaran ɓangare na biyu. Ka kuma tambaya, "In jikina ya ƙi, a wane lokaci za ku tsayar ku mayar da ni kan maganin da aka saba?"

Tambaya ta huɗu: wane kwamiti ne ya amince?

Babu binciken lafiya da ya halatta a fara sai wani kwamitin kula da ƙa'idojin bincike ya duba shi ya amince. Manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙasa na Abuja suna da nasu, hukumar lafiya ta Babban Birnin Tarayya ma tana da nata. In gwajin magani ne, sai kuma hukumar NAFDAC ta ba da izini. A Kano an nuna wata wasiƙar amincewa, daga baya ta bayyana cewa an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata.

Don haka ka duba sama ko ƙasan takardar. Ka nemi sunan kwamitin, da lambar amincewa, da ranar da amincewar za ta ƙare, domin ba ta har abada ba ce, sabunta ta ake yi. Ka kuma nemi lambobin waya iri biyu: ta mai binciken, da ta kwamitin. Ta biyun ta fi muhimmanci ranar da aka saɓa, domin ba a kai ƙarar mutum wajen kansa. Ka buga kafin ka sa hannu, ka ce, "Kun san da wannan bincike?" Kuɗin kati kaɗan ne, kwanciyar hankali mai yawa.

Tambaya ta biyar: in wani abu ya same ni, wa zai biya, kuma yaya zan fita?

A nan a karanta a hankali, domin kalma ɗaya takan sauya ma'ana. "Za a kula da kai" daban, "za a kula da kai kyauta" daban. Ka tambayi asibitin da za ka nufa in abu ya taso da tsakar dare, da wanda zai biya kuɗin gado da magani, da ko akwai inshora, da ko akwai diyya in an sami nakasa ko rasuwa. In ka ga layin da yake cewa ka yafe haƙƙinka na kai ƙara, kada ka sa hannu. Takardar amincewa ba ta yafe wa mai bincike sakaci.

Kana da ikon fita duk lokacin da ka ga dama, ko bayan ka sa hannu, ba sai ka kawo dalili ba. Amma ka faɗa musu, kada ka ɓace kawai, domin akwai magungunan da yanke su farat ɗaya yake da haɗari.

Bari mu gwada a aikace

Mu ƙaddara ɗan'uwanmu direba ne a wani gida a nan Maitama, yana da hawan jini, yana shan maganinsa kullum. Aka ba shi takarda ta gwajin wani sabon maganin hawan jini. Ta ce binciken wata 6 ne, zai riƙa zuwa sau ɗaya a wata, kowane zuwa za a ɗebi jini mililita 10, za a ba shi kuɗin mota, kuma zai dakatar da tsohon maganinsa na mako 2 kafin a fara.

Jinin ba shi ne abin tsoro ba. Mililita 5 cikin ƙaramin cokalin shayi ne, ke nan cokali biyu a wata. Mai ba da gudummawar jini a asibiti yakan ba da wajen mililita 450 a zama ɗaya. Abin tambaya game da jinin shi ne ina za a kai shi. Za a zubar in an gama, ko za a ajiye? Za a fitar da shi ƙasar waje? Za a yi masa wasu gwaje-gwaje, kamar na cutar ƙanjamau ko na gado, kuma wa zai ga sakamakon? Da sunansa za a ajiye ko da lamba? Sau da yawa ajiyar jini tana da nata gurbin sa hannu daban, mutum yana iya shiga binciken ya ƙi wannan.

Layin da ya fi haɗari shi ne na mako 2 babu magani, ga shi mutum ne mai tuƙi a kan titi. Sai ya tambaya, "Wa zai riƙa auna ni a kwanakin nan? In awon ya kai nawa za ku mayar da ni kan maganina? Sabon yana sa jiri ko barci?" Sannan zuwa 6 a ranakun aiki, ko maigidansa zai sake shi? In wata 6 ya cika, sabon maganin ya karɓe shi, za a ci gaba da ba shi, ko zai koma na da? Kuɗin mota kuwa mayar da abin da ya kashe ne. In kuɗin ya yi yawan da zai rufe masa ido har ya daina tambaya, to a nan ne ya kamata ya ƙara buɗe ido.

In ya sami amsar waɗannan, ya gamsu, ya shiga, ya yi daidai. In ya ce a'a, shi ma ya yi daidai.

Wa ke da ikon sa hannu?

Kundin ƙa'idojin ƙasa ya ce a rubuta bayanin yadda wanda karatunsa bai wuce shekara 9 a makaranta ba zai gane. In Turanci ya yi maka nauyi, ka nemi ta Hausa, ko a fassara maka layi-layi. Wanda ba ya karatun boko, a karanta masa a gaban shaida wanda ba ya cikin masu binciken, sannan ya dangwala yatsa, shaidan ya sa hannu. Ga yadda za ka gane ka fahimta: ka ajiye takardar, ka maimaita wa mai binciken abin da ka ji da bakinka. Inda ka yi tuntuɓe, nan ne ba ka gane ba, a sake.

Iyayenmu mata, shawara da maigida abu ne mai kyau kuma al'adarmu ce, ku nemi lokaci ku je ku yi ta. Amma jikinki ne, sa hannun miji ba ya maye gurbin naki. Haka nan Alhaji ko Hajiya ba su da ikon sa wa direba ko mai aikin gida hannu. A kan yaro, uwa ko uba ko waliyyi ne ke sa hannu, yaron da ya yi wayo kuma a yi masa bayani a nemi yardarsa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin gidajenmu cike suke da yaran 'yan'uwa daga ƙauye. In ba kai ne waliyyinsa ba, a kira iyayensa.

Kada a sa hannu a farar takarda, ko a shafin ƙarshe kaɗai ba a ga sauran ba. A rubuta kwanan wata na gaskiya. A karɓi kwafi a ajiye tare da takardun haihuwa. In ba halin gaggawa ba ne, ka ce, "Zan je gida da ita, gobe na dawo." Mai binciken kirki ba zai ji haushi ba.

Mun san akwai lokacin da babu goben, kamar daren da aka kai yaro da sanƙarau. A irin wannan hali, ko ka manta da komai, ka riƙe biyu: "Wannan gwaji ne ko maganin da aka saba?" da kuma "In na ƙi, me za a ba ɗana yanzu?" Minti ɗaya ya ishe su.

A ƙarshe muna roƙon 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya da malaman makaranta da ke cikin ƙungiyar nan su ba sakatare sunayensu, domin duk wanda aka ba irin wannan takarda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a karanta masa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Abin da ya biyo bayan 1996 bai tsaya a kan yara 200 ba, domin lokacin da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano a 2003 zuwa 2004, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi, kuma wasu yaran ne suka ɗanɗana kuɗar. Yarda in ta karye, gyaranta sai an sha wuya.

Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.  Wanda yake da tambaya, bismillah.